Lambobin Huffman da layin fifiko: yadda "sannu sannu kwana nesa" ke komawa bit 60

Karin maganar nan ta "sannu sannu kwana nesa" tana da alamomi 22 idan an ƙirga har da sarari ukun da ke tsakanin kalmomi. Kwamfuta, in an bar ta da tsarinta na yau da kullum, za ta ba kowace alama bayit guda, wato bit 8, sai jimilla ta kama bit 176. Amma alamomi iri takwas ne kacal a cikin jimlar, don haka bit 3 ma sun wadatar a bambanta su, a tashi da bit 66. To, za a iya yin ƙasa da haka? Za a iya, har zuwa bit 60, kuma daga nan babu sauran ragi muddin kowace alama tana da lambarta guda tsayayya. Hanyar da ke kai mutum ga wannan 60 ɗin ita ce wadda David Huffman ya gano a 1951 yana ɗalibi a MIT, a ajin Robert Fano, aka buga ta a 1952.

Ga teburin da komai zai taso daga gare shi. An sa `_` a madadin sarari don ido ya gan shi:

```
n  6      u  2
a  5      e  1
s  3      k  1
_  3      w  1
```

Dabarar a baki mai sauƙi ce: harafin da ya fi yawan fitowa a ba shi gajeriyar lamba, wanda ba ya cika fitowa ya ɗauki doguwa. Wahalar tana wajen karantawa. A ce an ba a lambar `0`, n lambar `1`, s kuma `01`. Mai warwarewa ya ci karo da `01`, to "an" aka rubuta ko "s"? Ba shi da hanyar sani, domin babu waƙafi tsakanin bit da bit. Maganin wannan shi ne sharaɗi guda: kada lambar wani harafi ta zama farkon lambar wani. Idan aka kiyaye shi, da zarar bit ɗin da aka tara sun yi daidai da wata lamba, magana ta ƙare, harafin ke nan, sai a soma tara na gaba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin sharaɗin ita ce a zana bishiya mai reshe bibbiyu. A soma daga tushe, `0` a bi hagu, `1` a bi dama, haruffa kuma su zauna a ganye kawai, wato ƙarshen reshe inda babu sauran ci gaba. Tunda babu harafin da ke zaune a kan hanyar zuwa wurin wani, babu lambar da za ta zama farkon wata. Tsawon lambar harafi shi ne zurfin ganyensa. Kuɗin bishiya gaba ɗaya kuwa shi ne a ninka yawan fitowar kowane harafi da zurfinsa, a tara. Aikin ke nan: a nemo bishiyar da wannan jimillar ta fi ƙanƙanta a cikinta.

Ginin da ake somawa daga ganye

Fano da Claude Shannon daga sama suka ɓullo wa matsalar. A tsarin Fano, a jera haruffa bisa nauyi, wato yawan fitowarsu, a raba su gida biyu masu kusan nauyi ɗaya, a sake raba kowane gida, har a kai ga harafi ɗai-ɗai. Yana aiki, amma wani lokaci yana kuskure wa mafi kyau. A gwada da nauyi 14, 6, 6, 5, 5. Rabon da ya fi kusa da daidai shi ne 20 da 16, wanda ke ba da tsawo 2, 2, 2, 3, 3, jimilla bit 82. Alhali in aka ba mai nauyi 14 bit ɗaya, sauran huɗun aka ba su uku-uku, bit 80 za a samu. Rabon farko ya yi kyau a ido, amma ya ɗaure hannun duk abin da ya biyo baya.

Huffman sai ya juya abin. Maimakon a tambayi wa zai zauna kusa da tushe, a tambayi wa zai zauna can ƙarshen reshe. Wannan tambaya tana da amsa tabbatacciya: biyun da suka fi kowa rashin nauyi. Sai a haɗe su a ƙarƙashin gaɓa guda, a ɗauki gaɓar kamar sabon harafi mai nauyin jimillarsu, a mayar da ita cikin sauran, a maimaita. Kowane zagaye yana rage abubuwa da ɗaya, saboda haka haruffa takwas zagaye bakwai suke bukata.

A nan layin fifiko ke shigowa. Layi ne da ba ruwansa da wanda ya riga zuwa: duk lokacin da aka ce a fito da ɗaya, mafi ƙarancin nauyi yake miƙowa, kuma ana iya jefa sabon abu a cikinsa a kowane lokaci ya nemi gurbinsa. Abin da ginin ke bukata ke nan daidai, domin gaɓar da aka haɗa yanzu tana iya zama mafi sauƙi a zagaye na gaba, tana kuma iya nutsewa can baya.

Mu bi shi a kan teburinmu. Layin ya soma da e1, k1, w1, u2, _3, s3, a5, n6.

Zagayen farko ya fito da e da k, aka haɗa su suka zama gaɓa mai nauyi 2, mu kira ta A. A zagaye na biyu w ce ta fito da nauyi 1, sai aka yi kunnen doki tsakanin u da A, kowanne 2. Mu ɗauki u, za mu dawo kan dalilin. w da u suka ba da B mai nauyi 3. Yanzu layin ya zama A2, _3, s3, B3, a5, n6. A ta haɗu da sarari suka ba da C5. Sai s da B suka ba da D6. Abubuwa huɗu suka rage: a5, C5, n6, D6. a da C suka zama E10, n da D suka zama F12, daga ƙarshe E da F suka haɗu a tushe mai nauyi 22, wanda dole ya yi daidai da yawan alamomin rubutun. In bai yi daidai ba, akwai kuskure a ƙirga ko a tarawa.

Idan wanda ya fara fitowa a kowane zagaye ya ɗauki `0`, na biyu ya ɗauki `1`, ga abin da za a karanto daga tushe zuwa ganye:

```
a  00       e  0100
n  10       k  0101
_  011      w  1110
s  110      u  1111
```

Lissafi: a da n sun fito sau 11 a bit bibbiyu, 22 ke nan. Sarari da s sau 6 a bit uku-uku, 18. Sauran huɗun sau 5 a bit hurhuɗu, 20. Jimilla 60. Kalmar "sannu" ta zama `110 00 10 10 1111`, bit 13 maimakon 40.

Akwai wata gajeriyar hanya ta duba wannan lissafi wadda ta cancanci a riƙe ta. A tara nauyin duk gaɓoɓin da aka haɗa: 2 + 3 + 5 + 6 + 10 + 12 + 22 = 60. Ba dace ba ne. Duk sanda aka haɗa abu biyu, kowane harafin da ke ƙarƙashinsu ya ƙara nisa da tushe da taki ɗaya, wato lambarsa ta ƙaru da bit ɗaya, kuma kuɗin wannan ƙarin shi ne nauyin sabuwar gaɓar. Saboda haka ana iya sanin girman abin da za a samu tun kafin a fitar da lamba ko ɗaya, wanda ke da amfani ga shirin da ke son yanke shawarar ko matsewar ma za ta biya.

Me ya sa haɗamar nan ba ta kai mutum ga asara

Yawancin dabarun da ke cafke abin da ya fi kyau a yanzu ba tare da hangen gaba ba sukan yi da-na-sani, kamar yadda rabon Fano ya yi. Wannan kuwa ba ya yi, kuma hujjar tana da ƙafa biyu.

Ta farko: a ɗauki kowace bishiya da aka ce ita ce mafi kyau, a duba ganyenta mafi zurfi. Dole yana da ɗan'uwa a gefensa, domin in shi kaɗai ne a ƙarƙashin gaɓarsa, sai a cire gaɓar a ɗaga shi sama a rage kuɗi, ka ga ashe bishiyar ba ita ce mafi kyau ba. To a ce waɗannan 'yan'uwa biyu na can ƙasa ba su ne mafi rashin nauyi ba. Sai a yi musaya: a sauko da marasa nauyin zuwa ƙasa, a hau da masu nauyin zuwa gurbinsu. Mai nauyi ya samu gajeriyar hanya, marar nauyi ya ɗauki doguwa, kuɗi ba zai taɓa ƙaruwa ba. Ke nan akwai bishiya mafi kyau wadda marasa nauyin nan biyu suke zaune gefe da gefe a ƙasanta, kuma haɗa su tun farko bai rufe ƙofar kaiwa gare ta ba.

Ta biyu: bayan an haɗa su, abin da ya rage matsala ce iri ɗaya mai ƙarancin harafi guda. Kuɗin babbar bishiya shi ne kuɗin ƙaramar a ƙara nauyin biyun da aka haɗa, kuma wannan ƙarin tsayayye ne, bai dogara da siffar sauran bishiyar ba. Duk wanda ya warware ƙaramar matsala da kyau ya warware babbar. Haka za a yi ta sauka har a kai haruffa biyu, inda babu zaɓi sai `0` da `1`.

A lura da iyakar abin da aka tabbatar. An nuna cewa babu wata lamba mai bin sharaɗin nan, mai ba kowane harafi cikakkun bit, da za ta yi ƙasa da 60 a kan wannan teburi. Ba a ce babu wata hanyar matsewa da za ta fi ta ba.

A cikin shiri

Ana gina layin fifiko galibi da tulin da ke ajiye mafi ƙanƙanta a sama, inda cirewa da sakawa kowanne ke cin taki gwargwadon `log n`. Ga ginin a Python:

```python
import heapq
from collections import Counter

def gina(rubutu):
    tebur = sorted(Counter(rubutu).items())
    layi = [(f, i, h) for i, (h, f) in enumerate(tebur)]
    heapq.heapify(layi)
    i = len(layi)
    while len(layi) > 1:
        f1, _, x = heapq.heappop(layi)
        f2, _, y = heapq.heappop(layi)
        heapq.heappush(layi, (f1 + f2, i, (x, y)))
        i += 1
    return layi[0][2]
```

Da alamomi `n`, haɗi `n - 1` za a yi, bishiyar ta ƙare da gaɓoɓi da ganye `2n - 1`, lokacin kuma `O(n log n)` ne. In bayit ake ƙirgawa, `n` ba ta wuce 256, wato haɗi 255 da gurabe 511, abin da kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido. Lokacin gaske yana tafiya ne wajen ƙirga haruffan fayil da rubuta bit ɗinsa. Idan teburin ya riga ya zo a jere daga ƙarami zuwa babba, ba a ma bukatar tuli: layi biyu na talaka sun isa, ɗaya na ganye, ɗaya na gaɓoɓin da aka haɗa, domin nauyin gaɓoɓin ba ya raguwa daga zagaye zuwa zagaye, suna fitowa a jere da kansu. A kowane mataki sai a leƙa kan layukan biyu a ɗauki ƙarami. Jan van Leeuwen ne ya nuna wannan a 1976.

Wannan `i` da ke tsakiyar kowane abu a layin, shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya. Aikinsa na fili shi ne hana shiri faɗuwa. Python tana kwatanta abubuwan ne kashi-kashi, in nauyi ya zo ɗaya sai ta matsa zuwa kashi na gaba. Ba don `i` ba, za ta yi ƙoƙarin kwatanta harafi da gaɓa ta tsaya da `TypeError`, kuma abin haushin shi ne ba kowane rubutu ke jawo shi ba, sai wanda gaɓa ta yi kunnen doki da ganye, ko wani lokaci da wata gaɓa, a cikinsa. Shiri zai wuce gwaji goma lafiya ya faɗi a na sha ɗaya.

Aikinsa na biyu ya fi zurfi. Mu koma zagaye na biyu, inda w ta tarar da u da A duk suna da nauyi 2. Da A aka ɗauka, e da k za su ƙara nutsewa zuwa bit 5, u kuma ta hau zuwa bit 3. A lissafa: 10 na a, 12 na n, 9 na s, 9 na sarari, 6 na u, 4 na w, 5 na e, 5 na k. Har yanzu 60. Bishiyoyin biyu duk mafi kyau ne, amma lambobinsu daban, kuma ɗaya ta fi ɗaya zurfi. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, fifita ganye da tsofaffin gaɓoɓi a kan sababbi, wanda `i` ke yi tunda sabuwar gaɓa kullum ita ke da babbar lamba, yana ba da bishiya mafi gajarta a cikin masu kuɗi ɗaya. Na biyu kuma shi ne tarkon da ya fi kama mutane: idan teburin nauyi aka aika wa mai warwarewa don ya sake gina bishiyar da kansa, kuma tulinsa yana raba kunnen doki ta wata hanya dabam, to zai gina bishiya mai kyau wadda ba ita aka yi amfani da ita ba. Babu saƙon kuskure da zai fito, shirme kawai za a gani. Alamar wannan cuta ita ce fayil yana warwaruwa a shirin da ya matse shi, amma ya ƙi a wani da aka rubuta da wani yaren.

Masu C++ suna da nasu ramin. `std::priority_queue` babba take fara miƙowa in ba a ce mata komai ba, sai an ba ta `std::greater`. Wanda ya manta zai haɗa n da a tun farko, sabuwar gaɓar ta ci gaba da zama mafi nauyi tana haɗiye saura ɗaya bayan ɗaya, bishiyar ta koma sarƙa. A misalinmu n da a za su sami bit bakwai-bakwai, jimilla ta kai 124. Kuma rubutun zai warwaru daidai, ba harafin da zai ɓata, don haka gwajin "matse ka warware ka kwatanta" ba zai kama shi ba. Abin da ke kama shi shi ne a duba ko harafi mafi yawa ne ke da lamba mafi gajarta.

Wutsiyar fayil da kansa

Bit 60 bayit bakwai ne da rabi, faifai kuwa ba ya karɓar rabin bayit. Dole a cike bit huɗu. A cike da sifili, mai warwarewa ya ga `00 00` ya karanta a sau biyu, karin magana ta koma "sannu sannu kwana nesaaa". A cike da ɗaya-ɗaya, `1111` lambar u ce, a sami "nesau". Duk wanda ya ga baƙin haruffa ɗaya ko biyu a ƙarshen abin da ya warware, nan zai fara dubawa. Magani iri biyu ne: ko a rubuta yawan alamomin a kan fayil mai warwarewa ya tsaya in ya cika 22, ko a ƙara wata alama ta musamman mai nauyi 1 a teburin, mai ma'anar "an gama". Tsarin DEFLATE, wanda ke cikin gzip da ZIP da PNG, hanya ta biyu ya bi: alamominsa 0 zuwa 255 bayit ne, 256 kuma ƙarshen kashi.

Sai teburi mai harafi ɗaya tak, kamar fayil da ba komai cikinsa sai a dubu. Madaukin ba zai zagaya ko sau ɗaya ba, tushe shi ne ganye, lambar harafin ba ta da tsawo, fayil ɗin da aka matse ya fito fanko. A ba shi `0` da hannu. Rubutu marar komai kuma zai fāɗar da shirin da ke sama a layinsa na ƙarshe da `IndexError`. Haruffan da ba su fito ko sau ɗaya ba kada a sa su a layi, domin za su ci gurbi a bishiya su tsawaita lambar wani a banza.

Kan fayil ɗin ma yana da kuɗinsa. Mai warwarewa yana bukatar sanin lambobin, kuma hanyar da gogaggu ke bi ita ce a watsar da siffar bishiyar a aika tsawo kawai. Ɓangarorin biyu sun yarda da ƙa'ida ɗaya: a jera haruffa bisa tsawo, masu tsawo ɗaya a jera su bisa tsarin haruffa, a ba na farko sifili zalla, kowane na gaba a ƙara ɗaya, in tsawo ya ƙaru a liƙa sifili a dama. Da tsawon da muka samu, a za ta zama `00`, n `01`, sarari `100`, s `101`, sai e, k, u, w su ɗauki `1100`, `1101`, `1110`, `1111`. Lambobin sun sauya amma kuɗin yana nan a 60, kuma rigimar kunnen doki ta mutu, tunda mai warwarewa ba ya gina komai da tuli. Akwai kuma gwaji mai arha da za a yi wa jerin tsawon kafin a amince da shi, wato ƙa'idar Kraft: a tara `2^(-tsawo)` na kowane harafi. A nan 1/4 sau biyu, 1/8 sau biyu, 1/16 sau huɗu, jimilla 1 cif. In ta haura 1, jerin ya lalace, babu bishiyar da za ta ɗauke shi. In ta gaza 1, akwai reshen da aka bari ba kowa.

Ko da wannan tsimin, karin maganarmu ba ta ci riba ba. Bayit 8 na bit ɗin, 8 na sunayen haruffa, 4 na tsawonsu in kowanne ya ci rabin bayit, 1 na yawan iri, 1 na yawan alamomi: 22, daidai inda aka taso. Gajeren rubutu ba ya biyan kuɗin teburinsa, shi ya sa DEFLATE ya tanadi tsayayyen teburi da kowa ya sani, da kuma damar ajiye kashi yadda yake ba matsewa.

Ga mai matse rubutun Hausa akwai shawarar da za a yanke tun kafin ƙirga: mene ne "alama"? A UTF-8, ƙ bayit biyu ce, `C6 99`, ɗ `C9 97`, ɓ `C9 93`, ƴ ta rubutun Nijar kuma `C6 B4`. In bayit ake ƙirgawa, kowace za ta rabu biyu ta ci lamba biyu, in haruffa ake ƙirgawa lamba ɗaya za ta ci amma teburin ya fi wuyar rubutawa. Kowanne yana aiki. Wanda ba ya aiki shi ne a ƙirga da ɗaya a matse da ɗayan, sai shiri ya nemi lambar ƙ a teburin da bai san ta ba.

Zurfin da ya wuce kima

Lamba tana iya yin tsawo fiye da yadda ake zato. Mafi munin hali shi ne nauyin da ke bin jerin Fibonacci: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13 da sauransu. A nan duk gaɓar da aka haɗa tana cikin biyun da za su fito a zagaye na gaba, bishiyar ta zama sarƙa, alamomi `n` su ba da zurfin `n - 1`. Alamomi iri 17 masu irin wannan nauyi, rubutu mai tsawon 4,180 kacal, sun isa su haifar da lamba mai bit 16. Iri 34, a fayil mai alamomi 14,930,351, za su ba da bit 33, wanda ya fi ƙarfin ma'ajin bit 32 da mutane suka saba zuba lamba a ciki. Ba kasafai rubutun mutane ke zuwa haka ba, amma fayil ɗin da aka ƙera da gangan zai zo.

Tsare-tsaren gaske suna yanka iyaka: bit 15 a DEFLATE, 16 a JPEG. In bishiya ta zarce, ko dai a rage tazarar nauyin, misali a raba kowanne biyu ba tare da barin wani ya koma sifili ba, a sake gini, ko a yi amfani da dabarar Larmore da Hirschberg ta 1990 wadda ke ba da mafi kyawun lambobi a ƙarƙashin iyakar tsawo. Datse dogayen lambobin kawai ba tare da gyara saura ba yana karya ƙa'idar Kraft, lambobi biyu su yi karo.

Inda "mafi kyau" ya tsaya

Ma'aunin Shannon, entirofi, shi ke faɗin ƙasan da ba a iya wucewa in ana kallon haruffa ɗai-ɗai bisa yawansu: `H = -Σ p·log2(p)`, inda `p` ke nufin rabon kowane harafi a cikin rubutun. A teburinmu ya kama kusan bit 2.70 ga kowace alama, wato kusan 59.5 gaba ɗaya, Huffman kuma ya ba da 2.73. Tazarar ba ta kai bit guda ba a duk jimlar. A ƙa'ida matsakaicin tsawon Huffman ba ya kai `H + 1`, kuma yana yin daidai da `H` ne idan rabon kowane harafi rabi ne, ko rubu'i, ko sumuni, haka dai.

Wannan "ƙari ɗaya" yana ciwo ne idan harafi guda ya mamaye teburi. A ce alamomi biyu ne, ɗaya tana fitowa kashi 99 cikin ɗari. Entirofi kusan bit 0.08 ne, amma Huffman ba shi da abin da ya gaza bit ɗaya, ya kashe ninki goma sha biyu na abin da ya kamata. A irin wannan hali ko a haɗa alamomi rukuni-rukuni a ƙirga rukunin, ko a koma ga lambar lissafi, wato arithmetic coding, da danginta, waɗanda ke iya kashe ɓarin bit a kan alama.

Sannan teburin nauyi makaho ne ga jeri. Bai san cewa "sannu" ta biyu maimaicin ta farko ba ce, bit 13 ya caje ta kamar bai taɓa ganinta ba. Da za a watsa haruffan 22 a kwaɓa su yadda aka ga dama, 60 ɗin nan dai zai bayar. Shi ya sa DEFLATE ke fara bi da LZ77, wadda ke maye gurbin maimaici da umarnin "koma baya taki kaza ka kwafo kaza", sannan a ɗora Huffman a kan abin da ya fito.

Lambobi masu tsawo daban-daban kuma ba sa jure rauni. A juya bit ɗin farko kaɗai na saƙonmu, `1` ta koma `0`, a warware da teburin farko. `0100` ta ba da e, `0101` ta ba da k, daga nan iyakokin haruffa suka goce, abin da zai fito shi ne "ek suak ssnuaeawesa". Sai a haruffa ukun ƙarshe mai warwarewa ya dawo kan turba da kansa, kuma ko sau ɗaya bai ci karo da bit ɗin da ya ƙi karantuwa ba, domin a cikakkiyar bishiya kowace hanya tana kaiwa ga wani ganye. Lambar ba ta da yadda za ta yi ƙara. Saboda haka gzip ke liƙa lambar tantancewa ta CRC-32 da tsawon asalin bayanan a ƙarshen fayil, a lissafa bayan warwarewa a kwatanta.